Yaron da ke riga ƙwallo isa raga: nazarin simash ɗin wani sabon ɗan wasa a Maradi

Idan sabon ɗan wasan ƙwallon raga ya tashi simash, wato ya yi tsalle ya buga ƙwallo da ƙarfi ta saman raga zuwa filin abokan hamayya, ƙwallon ta faɗa raga ko ta fice can bayan fili, hannunsa kowa ke kallo. Sai ka ji ana ta yi masa ihu daga gefe: karya wuyan hannu, danna ta ƙasa, ƙara ƙarfi. A yawancin yaran da na horar, ɓarnar tana riga ta faru tun ƙafafunsu na ƙasa, hannu kawai yana biyan bashin da ƙafa ta ci ne. Lamarin da zan baje a nan na wani yaro ne ɗan shekara 17 da ya shigo ƙungiyarmu a unguwar Zariya, inda muke wasa bayan la'asar a wani filin makaranta mai ƙasa tauri da ɗan yashi a kai.

Yadda ya zo mana

Daga ƙwallon ƙafa ya fito, dan haka gudu da tsalle ba baƙinsa ba ne. Tsayinsa mita 1.80, da hannun dama yake bugu. Ragarmu tana kan mita 2.43, tsayin da doka ta sa wa maza (na mata mita 2.24 ne). Yana tsaye ya miƙa hannu yana taɓa 2.35 a bango, idan ya yi tsalle daga tsaye kuma allin da ke yatsunsa yana barin alama a 2.88. Wanda ke kai wannan wuri ba shi da hujjar sa ƙwallo a raga, tunda hannunsa ya wuce bakinta da fiye da santimita 40.

Amma da na ce ya ja baya ya taho da gudu ya taɓa bangon, sai alamar ta tsaya a 2.90. Santimita biyu kacal gudun ya ƙara masa. Wannan awon shi ne abu na farko da nake yi wa duk sabon mai bugu, domin alli da bango ba su da tsada kuma ba sa ƙarya. Wanda takunsa ke aiki, tsallensa na gudu yakan ɗara na tsaye a fili, har ido ya gani ba sai an kawo ma'auni ba. Idan alamun biyu sun kusan haɗewa, to gudun yana mutuwa a wani wuri kafin a tashi.

A gaban raga kuma bugunsa iri biyu ne. Wani lokaci ƙwallon takan yi sama ta sauka nesa da layin baya. Wani lokaci takan daki tsakiyar raga. Shi a ganinsa matsaloli biyu ne dabam, har ya ce mini: “Malam, idan na danna ta shiga raga, idan na sassauta ta fita. To ina zan sa kaina?”

Na sa wani ya ɗauke shi a waya daga gefe, daidai layin mita uku, wato layin da ke nesa da raga da mita uku, muka zauna muna kallo a hankali. Abu biyu suka fito. Na farko, takunsa na ƙarshe a juye yake: hagu yake sawa sannan dama, ƙafar dama ce ke gaba lokacin tashi. Na biyu, da zarar ƙwallo ta bar hannun mai ɗagawa, wato wanda ke ɗaga masa ita sama don ya buga, sai ya fyalla da cikakken gudu, ya iso gindin raga, ya tsaya cak, ya ɗaga kai yana jira.

Ƙafa

Na fara da ƙafa domin ita ce ba ta buƙatar ƙwallo. Ga mai bugu da dama, taku uku ne tushe: hagu, dama, hagu. Akwai mai taku huɗu, wanda ake ƙara ɗan takun dama a farko, amma ban ba shi wannan ba tukuna. Wanda bai mallaki uku ba, na huɗun ƙarin ruɗani ne gare shi. Bahago kuwa sai ya juya komai: dama, hagu, dama.

Dalilin ƙarewa da hagu a gaba yana cikin jiki ne. Idan ƙafar hagu ce a gaba, ƙugu da kafaɗar dama suna ja baya da kansu, ƙirji yana kallon mai ɗagawa, jiki yana da filin da zai murɗo ya zuba nauyinsa cikin ƙwallo. Idan dama ce a gaba, kafaɗar bugu ta riga ta shige gaba tun kafin a tashi, babu abin da ya rage da za a murɗa. Dole mutum ya gantsare baya ya nemi ƙarfi a gadon bayansa da kafaɗa kaɗai. Yaron nan kusan kullum bayan wasa yakan dafe ƙugu yana cewa bayansa na ciwo, kuma daga nan ciwon yake.

Takun ukun ba girmansu ɗaya ba, saurinsu ma ba ɗaya ba. Na farko, na hagu, ƙarami ne kuma a natse ake yin sa, aikinsa ya nuna wa jiki inda za a nufa. Na biyu, na dama, shi ne mafi tsawo da ƙarfi. Ana wurga ƙafar gaba sosai, diddige ne ke fara taɓa ƙasa, ƙugu ya sauka, hannaye biyu su tafi baya a miƙe, tafukansu na kallon sama. Na uku yana bin na biyu nan take, hagu ta sauka ɗan gaba da dama, yatsunta a karkace zuwa ciki. Wannan karkatar ita ce birki. Ita ke hana gudun ya kai mutum cikin raga, ta mayar da shi sama. A daidai lokacin hannayen da suka tafi baya suke dawowa ta ƙasa, su wuce gefen cinyoyi, su ɗaga jiki.

Ban cika yi masa dogon bayani a fili ba. Kunne na sa ya yi aiki. Taku mai kyau yana da kiɗansa: ɗaya a ja, biyu a haɗe, “taaa, ta-tam”. Nasa kuwa “ta, ta, ta” ne, duk tazara ɗaya, sannan shiru, sannan tsalle. Shirun nan shi ne wurin da gudunsa ke mutuwa. Na ja masa alamu uku a yashi da tsinke, ta farko kusa da inda yake tsaye, ta biyu da nisa, ta uku kusa da ta biyu, na ce ya bi su yana faɗin kiɗan da baki. Da farko tafiya kawai, ba tsalle. Sai da ƙafar ta daina tambayarsa wace ce ke gaba sannan muka ƙara sauri.

Wannan mataki ya ɗauki makonni, kuma a tsakiyarsa tsallensa ya ragu. Ya kamata mai horarwa ya faɗa wa yaro wannan tun da wuri, don kada ya zaci an lalata masa abin da ya iya. Jikin da ya saba da hanya ɗaya yakan yi nauyi a sabuwar hanya kafin ya sake. A lokacin ban bar shi ya yi simash a wasan ƙarshen yamma ba, sai dai ya tura ƙwallo da yatsu, domin duk bugu ɗaya da tsohuwar ƙafa yana rushe aikin da aka yi da rana. Bai ji daɗi ba, ya kuma nuna mini a fuska, amma ya bi.

Jira

Nan ne ainihin lamarin, kuma nan muka fi daɗewa. Ƙwallon da mai ɗagawarmu ke ba sababbi a lamba 4, wato gaban hagu, doguwa ce. Tana barin hannunsa a wajen mita 2.20, ta hau har kusan mita 5, ta gangaro. Irin wannan ƙwallo tana cin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ta sauko inda hannun yaron zai same ta. Shi kuma daga bayan layin mita uku zuwa gindin raga, da gudun ɗan ƙwallon ƙafa, bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya iso. Ragowar lokacin a tsaye yake cinye shi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Tsayawar tana jawo ɓarna biyu. Gudun da ya tara ya zube, tsallensa ya koma na tsaye, abin da bango ya riga ya gaya mana. Sannan tunda ya iso kafin ya san inda ƙwallon za ta sauka, yakan shige ƙarƙashinta. Ƙwallon da ke saman kai ko bayan kai ba ta dannuwa, tafin hannu yana samun ta daga ƙasa, sai ta yi sama ta fita. A ranar da haƙurinsa ya gaza kuma ya tashi kafin lokaci, yana kan saukowa ƙwallon ke isowa, ya same ta a ƙasa da bakin raga. Da na nuna masa hotunan biyu a jere, ya gane cewa fitar da shigar ragar uwarsu ɗaya.

Akwai wani ɗan lissafi da ya taimaka masa, na kuma ga yana taimakon yara masu son su san dalilin abu. Mai tsallen santimita 55 yana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa daga barin ƙasa zuwa ƙololuwar tsallensa. Ƙwallon da ta kai mita 5 tana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na daƙiƙa daga ƙololuwarta zuwa tsayin bugunsa. Ke nan lokacin da ƙafarsa za ta bar ƙasa, ƙwallon ba ta daɗe da fara gangarowa ba, tana sama da wurin bugu da mita ɗaya da rabi ko ɗan fiye. Saboda haka ka'idar da na ba shi ga irin wannan ƙwallo ita ce: takun hagu a hankali yayin da ƙwallon ke hawa, ido na karanta ta, sannan idan ta kai ƙololuwa ta yi kamar ta tsaya, a saki dama da hagu gaba ɗaya.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Yaro mai zafin jini ba ya iya kallon ƙwallo tana tashi ya tsaya. Sai na koma tsayawa a bayansa ina riƙe da ƙasan rigarsa. Mai ɗagawa ya saki ƙwallo, shi ya zabura, rigar ta tsayar da shi.

“Malam, za ta faɗi!”

“Ba za ta faɗi ba, ƙanena. Dube ta, har yanzu hawa take.”

Na sake shi a daidai lokacin da ya dace, ya tafi a fusace yana ganin ya makara, takunsa biyu na ƙarshe suka fito da saurin da ban taɓa gani a jikinsa ba. Na ce kada ya buga, ya cafke ƙwallon da hannu biyu a sama. Ya cafke ta hannayensa a miƙe, a gaban goshinsa, yana can ƙololuwa. Da ya dira sai ya tsaya yana kallon ƙwallon a hannunsa, ya juyo ya ce: “Wallahi na zaci ta wuce ni.” Wannan jin na an kusa makara shi ne alamar lokacin ya yi daidai. Wanda ya ji yana da isasshen lokaci, galibi ya yi wuri.

Cafkar ƙwallo a sama ta zama ma'auninmu, domin tana nuna komai ba tare da ruɗanin bugu ba. Idan ya cafke ta gwiwar hannu a lanƙwashe, ko dai ya makara ƙwallon ta riga ta sauko, ko ya yi wuri yana kan faɗowa. Ana bambance su da kallon ƙafa: wanda ya makara yana hawa ya cafke, wanda ya yi wuri yana sauka. Idan ya cafke ta a saman kai yana gantsare, ya shige ƙarƙashinta. Idan kuma sai da ya miƙa gaba har ƙirjinsa ya nufi raga, ya tashi daga nesa. Daga baya na daina riƙe riga, na bar shi yana faɗin “jira” da bakinsa har ƙwallon ta kai sama.

Mun kuma gyara inda yake tsayawa kafin ya taho. Da a cikin fili yake jira, yana fuskantar raga kai tsaye. Na fitar da shi wajen layin gefe, bayan layin mita uku da kamar taku ɗaya, ya riƙa shigowa a karkace. Daga can yana ganin mai ɗagawa da ƙwallo da raga a kallo ɗaya, ƙwallon kuma tana zuwa ta gabansa ta iso kafaɗar dama. Shi ma mai ɗagawa na roƙe shi ya riƙa nisanta ƙwallon daga raga da kamar mita ɗaya. Ƙwallon da ta manne da raga tarko ce ga sabon shiga: ko ya taɓa raga a busa masa, ko ya dira ƙafarsa ta tsallake layin tsakiya gaba ɗaya, wanda laifi ne kuma hanya ce ta gurɗe idon sawu a kan ƙafar abokin hamayyar da ya tashi tare bugunsa a raga.

A filin da ba rufi akwai iska, kuma da hunturu ya shigo Maradi sai da muka sake zama a kan wannan batu. Ƙwallon raga ba ta da nauyi, giram 260 zuwa 280 ce, iska tana iya kautar da doguwar ɗagawa ta sauke ta nesa da inda aka nufa. A nan amfanin jiran ya ƙara bayyana. Wanda ya riƙe babban takunsa har ƙwallon ta kai sama yana da damar ya tsawaita shi, ya gajarta shi, ko ya karkata shi zuwa inda iska ta kai ta. Wanda ya riga ya kashe takunsa ba shi da abin gyara. A ranakun da iskar ta yi yawa muna rage tsayin ɗagawa, shi kuma ya fara takunsa da ɗan wuri, domin ka'idar ƙololuwa ta doguwar ƙwallo ce. Gwargwadon yadda ɗagawa ta yi ƙasa, haka ake matso da farawa kusa da lokacin da ƙwallon ke barin hannun mai ɗagawa.

Hannu

Da ƙafa da lokaci suka zauna, aikin hannu bai yi yawa ba. Tun da farko na lura ya iya jifa, irin na yaron da ya taso yana jifan mangwaro a kan bishiya, kuma bugun simash ɗan'uwan wannan jifa ne: ƙugu ke fara juyawa, ƙirji ya bi, gwiwar hannu ta jagoranta, tafi ya zo a ƙarshe. Na dai tsara masa shi. Hannaye biyu su tashi tare. Na hagu ya miƙe yana nuna ƙwallo, na dama ya ja baya, gwiwarsa daidai kafaɗa ko sama kaɗan, tafin a sake kusa da kunne. Sannan hagun ya faɗo zuwa ciki, wannan faɗowar ce ke buɗe wa kafaɗar dama hanya. A sami ƙwallo hannu a miƙe, sama da kafaɗar bugu kuma ɗan gabanta, tafi a buɗe, yatsu a baje su rufe samanta, ta fita tana juyawa gaba. Wannan juyin ne ke sauko da ita cikin fili.

Kuskurensa guda a nan shi ne barin hannun hagu a rataye. Yakan ɗaga dama kaɗai, sai ya rasa taimakon tsalle, jikinsa kuma ya karkace a iska. Na sa shi ya riƙa jefa ƙaramar ƙwallon tanis a kan raga da cikakken taku, yana riƙe ta a hannun hagu har sai ya tashi, sannan ya miƙa wa dama a sama ya jefa. Babu yadda zai yi wannan ba tare da ya ɗaga hannu biyu ba. Bugun bango ma mun yi, yana tsaye yana dukan ƙwallo ƙasa ta tashi ta daki bango ta dawo, kunnensa na neman ƙarar tafi cikakke. Ƙara mai kauri tana nufin tafi ya zauna, ƙara siririya yatsu ne suka share ta.

Na hana shi neman ya kafe ƙwallo a cikin layin mita uku na abokan hamayya, abin da duk yaro ke mafarki. Da tsayin bugunsa, kuma ƙwallo na nesa da raga da mita ɗaya, hanyar da ke buɗe masa ita ce zurfin fili. Kwanar baya ta nesa nake sa shi ya nufa, domin a karkace filin ya fi tsawo, ƙwallo tana da wurin sauka.

Inda yake yanzu

Alamarsa ta gudu a bango ta hau zuwa 3.00, ta tsaye kuwa tana nan kusa da inda take. Ƙarfin ƙafarsa bai canza sosai ba, gudun ne ya fara shiga tsalle. Ciwon baya ya tafi. Gwiwa ce nake sa wa ido yanzu, domin ƙasarmu tauri gare ta. Yana dira da ƙafa biyu, gwiwa a sake, kuma duk ranar da ya ce yana jin zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ranar babu tsalle, sai aikin hannu da karɓa.

Abin da bai gama zama ba yana fitowa ne idan wasa ya yi zafi. Idan karɓar farko ta lalace, mai ɗagawa ya bi ƙwallo can baya ya aiko ta ta bayan kafaɗarsa, tsohuwar ƙafar takan dawo, ya tashi da dama a gaba. Haka kuma bayan ya yi tare a raga, ba ya ja baya da sauri zuwa wajen layin mita uku, sai ɗagawa ta same shi a tsakiyar hanya, ya rasa filin taku uku. Aikin da muke kai yanzu ke nan: ya yi tare, ya dira, ya juya yana kallon cikin filinsu, ya fice zuwa wurin tsayuwarsa, sannan a ɗaga masa. Idan lokaci bai ishe shi ba, na ce ya yar da takun farko ya riƙe biyun ƙarshe, dama da hagu, ya buga zurfi.